Yadda ake rubuta uwar kuɗi da ranar kowane cinikin kirifto

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Agege, ina sayar da wayoyi a Ikeja, kuma ina taɓa cinikin kirifto a gefe. Nakan sayi USDT, kirifto mai bin darajar dala, da naira ta hanyar P2P, wato ciniki tsakanin mutum da mutum, in canza shi zuwa Bitcoin, wani lokaci kuma in mayar da shi naira. Ban taɓa rubuta komai ba, alat ɗin banki kawai nake da shi. Ina so idan lokacin bayyana riba ga hukumar haraji ya yi in faɗi gaskiya. Me ya kamata in riƙa rubutawa, kuma yaya ake lissafin?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abu na farko da nake so ka riƙe shi ne cewa alat ɗin banki yana nuna kuɗin da ya shigo ko ya fita ne kawai, ba ya nuna riba, domin riba ita ce abin da ya rage bayan an cire uwar kuɗi daga abin da aka sayar, kuma bankinka bai san nawa ka sayi abin da ka sayar ba. Tun daga Dokar Kuɗi ta 2023 kadarorin dijital suka shiga jerin abubuwan da ake biyan haraji a kan ribarsu a Najeriya, a lokacin kashi 10 cikin ɗari. Sabuwar dokar haraji da aka sanya wa hannu a watan Yunin 2025, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, ta haɗa irin wannan riba ta ɗaiɗaikun mutane da sauran kuɗin shigarsu na shekara. A ƙarƙashin tsohuwar dokar da sabuwar duka, riba ake kallo, kuma wanda ba shi da hujjar uwar kuɗinsa ba shi da abin da zai kare kansa da shi idan aka ɗauki duk abin da ya shigo asusunsa a matsayin samu.

Kowane ciniki yana buƙatar layinsa guda a littafi ko a jadawalin kwamfuta. A layin za ka sa rana da lokaci, da sunan abin da ka bayar da adadinsa, da sunan abin da ka karɓa da adadinsa, da darajar cinikin a naira a wannan ranar, da ladan da dandalin cinikin ya cire, sannan lambar cinikin da manhajar ta ba ka. Idan cinikin P2P ne, ka ƙara lambar shaidar biya ta banki, domin ita ce ke ɗaure abin da ya faru a manhaja da abin da ya faru a asusunka. A cikin waɗannan duka, darajar naira ta ranar ita ce mutane suka fi sakaci da ita, kuma ita ce ta fi wuyar dawowa idan ta wuce. Mutum yakan ɗauka cewa tunda USDT yana bin dala ai farashinsa ba ya motsi, amma da naira za ka yi bayani, kuma duk wanda ya ga yadda dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin hukuma kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024 ya san cewa USDT ɗin da aka saya a watanni daban-daban ba uwar kuɗi ɗaya gare su ba.

Bari mu bi misali daki-daki, da alƙaluman da na tsara domin sauƙin lissafi, ba tare da lada ba tukuna. A ce ranar 5 ga Fabrairu ka sayi USDT 1,000 a kan naira 1,500 kowanne, ka biya 1,500,000. Ranar 10 ga Afrilu ka ƙara 500 a kan 1,600, ka biya 800,000. Yanzu a manhaja za ka ga 1,500 a dunƙule, amma a littafinka kashi biyu ne, kowanne da ranarsa da farashinsa, kuma haka za su ci gaba da zama har su ƙare.

Ranar 2 ga Yuni sai ka ba da USDT 1,200 ka karɓi Bitcoin 0.012, a ranar kuma ana sayar da USDT a kan 1,550. Ko sisi bai shiga bankinka ba, amma ka rabu da kadara ɗaya ka mallaki wata, saboda haka ka rubuta shi a matsayin ciniki biyu, wato ka sayar da USDT a kan naira 1,860,000, ka kuma sayi Bitcoin da wannan adadin. Tambayar da ke biyo baya ita ce, wane USDT ne ya fita, na Fabrairu ko na Afrilu? Hanyar da nake ba da shawara ita ce wanda ya fara shigowa shi ne zai fara fita, kamar yadda mai albasa a kasuwar Mile 12 yake fitar da tsofaffin buhuna kafin ya taɓa sababbi. A manhajojin lissafi za ka ga an rubuta ta `FIFO`. A kan wannan hanya, dubun Fabrairu duka sun fita da uwar kuɗinsu 1,500,000, sai 200 daga na Afrilu da uwar kuɗinsu 320,000, jimilla 1,820,000. Ribar wannan rana ke nan naira 40,000. An bar ka da USDT 300 na Afrilu, sannan Bitcoin ɗinka ya shiga littafi da uwar kuɗi 1,860,000 da ranar 2 ga Yuni.

Ranar 20 ga Satumba ka sayar da rabin Bitcoin ɗin, 0.006, ka karɓi USDT 690, farashin ranar kuma 1,500 ne, wato naira 1,035,000. Rabin uwar kuɗin shi ne 930,000, saboda haka riba ta zama 105,000, kuma sabon USDT 690 ya buɗe kashinsa a littafi a kan 1,500 kowanne. A Nuwamba buƙata ta taso, ka sayar da USDT 500 a kan 1,500, alat na 750,000 ya shigo. Waɗanda suka fita su ne 300 na Afrilu da ka saya 480,000, da 200 daga na Satumba da suka tsaya maka 300,000, jimilla 780,000. Wannan cinikin, wanda shi kaɗai ne bankinka ya gani yana shigowa a duk shekarar, asarar 30,000 ce. Ribar shekarar gaba ɗaya ita ce 115,000, kuma ta samu ne a cinikayya biyu da ba su bar wata alama a banki ba. Duk wanda ya dogara da alat zai bayyana 750,000 ya cuci kansa, ko kuma ya ce bai ci komai ba ya faɗi abin da ba gaskiya ba.

Ita hanyar wanda ya fara shigowa ba sihiri ba ce, amfaninta shi ne tana hana mutum zaɓen kashin da ya fi yi masa daɗi a kowane ciniki. Da za ka riƙa cewa yau na mai tsada ne ya fita, gobe na mai araha, lissafinka zai daina zama shaida, domin babu wanda zai iya bin sa ya fito da abin da ka fito da shi. Ka tsaya a kan hanya ɗaya daga shekara zuwa shekara, ka rubuta a shafin farko cewa ita kake bi. Haka nan farashin ranar: idan da naira ka saya ko ka sayar, abin da ka biya ko ka karɓa a zahiri shi za ka rubuta, idan kuma musaya ce tsakanin kirifto biyu, ka ɗauki farashin daga wuri guda kullum, ka ajiye hoton fuskar wayar da ke nuna shi.

Lada kuwa yana ƙaruwa a kan uwar kuɗi idan wajen saye aka cire shi, yana raguwa daga kuɗin da aka samu idan wajen sayarwa ne. Abin lura shi ne dandali yakan yanke shi daga abin da ka karɓa, ta yadda za ka yi odar 0.012 amma abin da ya shiga ya gaza haka da ɗan kaɗan. Adadin da ya shiga shi za ka rubuta, har lamba ta ƙarshe bayan ɗigo.

Akwai gwaji guda biyu da za su nuna maka ko littafinka na da lafiya, kuma ina so ka riƙa yin su a ƙarshen kowane wata. Na farko, adadin da littafi ya ce ya rage dole ya yi daidai da abin da ke cikin manhaja da walet ɗinka. A misalinmu Bitcoin 0.006 ne da USDT 490. Idan aka samu bambanci, yawanci lada ne aka manta, ko kuma an tura kirifto daga dandali zuwa walet ba a rubuta ba. Irin wannan turawa daga hannunka zuwa hannunka ba sayarwa ba ce, uwar kuɗin da ranar saye suna bin kayan duk inda suka je, amma ka ajiye `TxID`, wato lambar shaidar turawar, da adireshin walet ɗin biyu domin ka iya nuna cewa duka naka ne. Gwaji na biyu na naira ne. Ka haɗa abin da ka fitar, 750,000, da uwar kuɗin abin da ya rage, wato 930,000 na Bitcoin da 735,000 na USDT, ka cire 2,300,000 da ka zuba tun farko. Abin da zai fito shi ne 115,000, daidai da ribar da muka lissafa ciniki bayan ciniki. Idan alƙaluman biyu suka saɓa, akwai layin da ya ɓace ko wanda aka maimaita.

Game da rana, ka kula cewa dandali da yawa suna fitar da tarihin ciniki da agogon `UTC`, wanda Legas ke gabansa da awa ɗaya. Cinikin da ka yi ƙarfe goma sha biyu da rabi na daren shiga 1 ga Janairu zai bayyana a fayil ɗin a matsayin na 31 ga Disamba, wato ya faɗa wata shekarar harajin. Ka rubuta agogon da kake amfani da shi. Kuma idan kana saye wa 'yan'uwa ko abokan kasuwa, kamar yadda ake yawan yi a tsakaninmu bisa amana, ka ware musu shafi dabam da sunan mai kuɗin da shaidar abin da ya turo, kada dukiyar wani ta shiga lissafin ribarka.

Abin da ya wuce ba tare da rubutu ba ana iya ceto mafi yawansa idan ka yi hanzari. Ka shiga kowane dandalin da ka taɓa amfani da shi ka sauke tarihin a fayil ɗin `CSV`, kuma ka lura cewa odojin P2P sukan zauna a shafi dabam da na musaya. Ka karɓi cikakken bayanin asusunka daga banki, ka bi su rana bayan rana kana haɗa kowace oda da kuɗin da ya fita ko ya shigo. Kada ka bar tarihin a hannun dandali kawai, domin dandali yakan sauya tsari ko ya rufe wani sashe, kamar yadda Binance ta daina hulɗa da naira a watan Maris na 2024. Inda hujja ta ɓace gaba ɗaya, ka sa farashin ranar gwargwadon abin da ka iya samowa, ka rubuta a gefe cewa ƙiyasi ne da inda ka samo shi. Tunda a Legas kake zaune, Hukumar Tattara Haraji ta Jihar Legas, LIRS, ita ce za ka miƙa wa bayanin shekara, wa'adinsa kuma 31 ga Maris na shekarar da ke biye. Ka kai littafin da fayilolin wurin akanta tun a Janairu, ka kuma ajiye kwafinsu na aƙalla shekara shida.