Abin da ke riƙe da sefa, naira kuwa ta faɗi

Tambaya: "Malam, ni ɗan kasuwa ne a Maraɗi, ina ɗauko kaya daga Katsina da Kano. Kusan kowace tafiya sai na tarar canjin naira ya sauya, sefarmu kuwa tana nan inda take. Me ke riƙe da ita, kuma za ta iya faɗuwa wata rana?" Wani mai karatu, daga Maraɗi.

Amsa: Alhaji, alkawari ne ke riƙe da ita. Babban bankin ƙasashenmu takwas, BCEAO mai hedikwata a Dakar, ya tsaya a kan cewa yuro ɗaya sefa 655.957 ne, haka yake tun 1999. Naira kuwa an sake ta kasuwa ta yanke mata farashi. A Yunin 2023 babban bankin Najeriya ya daina riƙe ta a wajen 460 kan dalar Amurka, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Abin da kake gani wajen 'yan canji a Ɗan Isa ko Jibiya lissafin nan ne. In yuro yana naira 800, jikarka za ta ba ka wajen naira 1,220. In ya kai 1,700, jikar nan dai ta zama kusan 2,590. Sefa ba ta ƙara ƙarfi ba, yuro take bi duk inda ya je.

Alkawarin kuwa da kuɗin waje ake cika shi. Ɗauki wanda zai shigo da shinkafa ta yuro 10,000. Zai kai wa bankinsa sefa 6,559,570 tare da takardun kayan, bankin ya nemo yuro, kuma a ƙarshe daga asusun ajiyar BCEAO yake fitowa. Asusun yana cika ne da kuɗin uraniyom, mai, zinariya, auduga da koko da ƙasashen suke sayarwa, shi ya sa doka ta tilasta wa masu fitar da kaya su dawo da kuɗinsu gida.

To, mu ɗauka asusun yana da yuro miliyan 100, abin da ke fita kuma ya fi abin da ke shigowa da miliyan 10 kowane wata. A takarda wata goma ne. A zahiri ba a kaiwa, domin tun wata na huɗu ko na biyar manyan 'yan kasuwa sun hango ƙarshen, kowa ya ruga ya canza kuɗinsa kafin a rage daraja, ajiyar ta ƙare da wuri. Don haka babban banki ba ya jira. Yana ɗaga kuɗin ruwa, bashi ya yi tsada, mutane su rage sayo kayan waje, mai kuɗi kuma ya ga ajiye sefa ya fi masa riba. Gwamnati ita ma dole ta rage kashe abin da ba ta tara ba, kuma ba ta da damar sa a buga mata kuɗi ta biya albashi, domin sabuwar sefar da aka buga ƙarshenta layin neman yuro za ta shiga. A ganina nan ne tsadar tsarin take. Mai neman jari a kasuwar Maraɗi yana biyan ta duk lokacin da banki ya ce masa babu bashi.

Sefa tana da ƙarin madogara: baitulmalin Faransa ya lamunce zai ba da yuro in ajiyar ta ƙare. Gyaran da aka sanar a Disambar 2019 ya soke wajabcin ajiye rabin kuɗin a can, amma lamunin yana nan.

Ta taɓa faɗuwa kuwa, dattawan kasuwa za su ba ka labari. A Janairun 1994, dare ɗaya, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100, duk kayan waje suka yi tashin gwauron zabo. Mai naira yana shan faɗuwar kaɗan-kaɗan, mai kuɗin da aka ɗaure yana shan ta gaba ɗaya.

In kana son gane lokacin da riƙon ya fara sassautawa, gwada farashin yuro a banki da na 'yan canji. Tazarar kashi biyu ko uku cikin ɗari ladan aikinsu ne. Amma in banki ya fara cewa ka dawo mako mai zuwa, a waje kuma tazarar tana ta buɗewa, akwai matsala. Haka naira ta yi kafin a sake ta: 460 a banki, wajen 750 a hannun 'yan canji.