Sabuwar waya mai araha ko tsohuwar babbar waya?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce, kuɗin da na tara kuma ba zai wuce waya ɗaya ba. An nuna mini sabuwa a kwali mai RAM 4GB, wurin ajiya 128GB da batir 5000mAh. Wani kuma zai sayar mini da Samsung Galaxy S10 da aka yi amfani da ita a kan kuɗi ɗaya. Ƙawayena sun ce S10 babbar waya ce, kada in bari ta wuce ni. Karatu nake so in yi da ita, da WhatsApp, da ɗaukar hoton takardu. Wacce zan ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ɗauki sabuwar. Ƙawayenki ba ƙarya suka yi ba, S10 ta fi ta kyamara, ta fi ta kyawun gilashi, RAM ɗinta ma, wato wurin da waya take riƙe manhajojin da ke buɗe, 8GB ne. Amma a shekarar 2019 ta fito, kuma shekarun nan sun ci abubuwa biyu da ɗalibi ya fi buƙata.

Na farko batir. Batirin waya yana tsufa da yawan caji, ko da mai ita ya riƙe ta da kyau. Kamfanin Apple ya ce batirin iPhone 14 da waɗanda suka gabace ta an ƙera shi ne ya riƙe kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsa bayan cikakken caji sau 500, kuma batirin sauran wayoyi ma irin wannan sinadarin ne. Wanda yake cika wayarsa kullum, bai kai shekara biyu ba zai cinye wannan adadin. To, S10 tun tana sabuwa batirinta 3400mAh ne. Idan muka kyautata zato muka ce kashi 80 ya rage, kusan 2700mAh ke nan, wato kaɗan ya ɗara rabin na sabuwar da aka nuna miki. Ke da za ki shiga aji tun safe, ki buɗe littafi a waya, ki ɗauki hoton allo, ki duba saƙonnin 'yan ajinku, za ki ga kafin yamma hankalinki ya bar darasi ya koma neman soket. Ana iya canza batirin, amma bayan wayar a manne yake da gam, sai mai gyara ya gasa shi ya ɓamɓare. Wannan wani kuɗin ne daban, ga shi ba kowane batirin canji ne yake kai na asali ba.

Na biyu sabuntawa. S10 ta tsaya a Android 12, kuma tun 2023 kamfanin ya daina aiko mata da gyaran tsaro. Yawancin manhajoji suna aiki a kanta, ba zan ce miki gobe za ta mutu ba. Sai dai duk wata kafar da ɓarayin intanet suka gano a tsarinta bayan wannan lokacin, a buɗe za ta zauna, ke kuma a cikinta za ki sa manhajar banki da imel ɗin makaranta.

Akwai kuma abin da masu sayarwa ba sa faɗa. Kuɗin tsohuwar babbar waya yana faɗuwa, amma kayan gyaranta ba sa faɗuwa haka. Gilashin S10 mai lanƙwasa ne a gefe, irin na AMOLED, in ya fashe kuɗin na asali zai iya cin babban kaso na abin da kika sayi wayar. Wanda yake da albashi zai ji zafi ya gyara. Ɗalibar da ta juye duk abin da ta tara, sai dai ta zauna ba waya ana tsaka da jarrabawa. Wannan ne ya fi damuna a lamarinki. Sabuwa tana da garanti, yawanci na shekara ɗaya. Bai shafi faɗuwa ko shiga ruwa ba, amma in ta daina caji haka kawai kina da inda za ki kai ƙara, muddin kin adana rasit da kwali.

Ita ma sabuwar ki bincike ta. Wasu kwalaye za ki ga an rubuta 8GB da manyan baƙaƙe, a ƙasa kuma 4GB+4GB da ƙanana. RAM na gaske 4GB ne, ragowar daga wurin ajiya aka aro, kuma bai kai na gaske sauri ba. 4GB na gaske ya ishe ki aikin da kika lissafa. Ƙasa da haka kuwa, irin masu 2GB ko 3GB, za ki fita daga littafi ki amsa saƙo, ki dawo ki tarar ya rufe sai kin sake neman shafi. Ki kuma gwada kyamarar kafin ki biya: ɗauki hoton takarda mai ƙananan rubutu a cikin ɗaki, ki buɗa hoton ki ga ko ana karanta layin ƙarshe. Yawan lambar da aka rubuta wa kyamara ba ya nuna wannan.

Ban ce tsohuwa ba ta da ranarta ba. Da wadda aka kawo miki ba ta wuce shekara biyu zuwa uku da fitowa ba, tana karɓar sabuntawa, kuma bayan kin saya za ki rage kamar kashi ɗaya cikin biyar na kuɗinki saboda batir, da ita zan ce ki ɗauka. A wannan halin sai ki zauna da wayar a gaban mai ita kamar rabin awa. Danna `*#06#`, lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, za ta fito, ki gwada ta da wadda ke jikin kwali ko rasit. Ki sa layinki ki kira wani, domin akwai wayoyin da aka kulle a kan kamfanin sadarwa ɗaya. Ki tambaya ko an gama biyan kuɗinta, saboda wadda aka saya biya kaɗan-kaɗan ana iya rufe ta daga nesa. A yawancin wayoyin Samsung, `*#0*#` yana buɗe wurin gwajin launuka da taɓawa. Buɗe farin shafi ki duba ko akwai inuwar tsofaffin rubutu da ta ƙone a gilashin. In iPhone ce, `Settings > Battery > Battery Health` zai nuna miki kashin da ya rage.

Gwajin da ba a tsallakewa shi ne na makulli. Mai wayar ya cire asusunsa na Google ko iCloud a kan idonki, ya goge wayar gaba ɗaya, ke kuma ki kunna ta ki shiga da naki asusun har ki kai fuskar farko. Idan aka goge ba a cire asusun ba, wayar na iya neman kalmar sirrin tsohon mai ita, kuma ba ki da hanyar wucewa. Duk wanda ya ce ya manta kalmar, ko yana sauri, ko ki tafi da ita gida zai turo miki daga baya, miƙa masa wayarsa ki riƙe kuɗinki.