Wasiƙar biyan kuɗi ko garantin banki: wanne ke kare ni?

Tambaya: Zan shigo da injin niƙa na dala 20,000 daga China. Kamfanin ya ce in biya kashi 30 cikin 100 tukuna, banki kuma ya ce in buɗe wasiƙar biyan kuɗi. Ita da garanti ba ɗaya ba ne?

Amsa: Malam, aikinsu daban ne. A wasiƙar biyan kuɗi bankinka ke alkawarin biyan mai kaya da zarar ya gabatar da takardun da aka gindaya, kamar takardar lodin jirgi da rasitin kaya. Shi ta fi karewa. Ribarka ita ce kuɗinka ba ya fita sai an nuna an loda kaya kafin wa'adi. Sai dai banki takarda yake dubawa, ba ya buɗe kwantena. Idan takardu sun dace, zai biya ko da injin da ya iso tsoho ne. Saboda haka ka sa sharaɗin takardar shaidar duba kaya daga mai dubawar da kai ka zaɓa, kafin lodi.

Garanti kuwa ba a taɓa shi sai wani ya saɓa alkawari. Dala 6,000 ɗin da suke nema tun farko, a nan yake da amfani: bankinsu ya ba ka garantin mayar da kuɗin idan ba su turo kaya ba. Ka lura da ranar ƙarewarsa, domin idan ta wuce ba ka nema ba, shi ke nan. Ni da zan sa ta zarce ranar lodi da wata biyu. Kuma ya biyo ta bankinka a tabbatar da shi, kada ka yarda da hoton takarda a waya.