Bilicin ɗin gashi bayan rilaksa: iya ina za a tsaya a zama ɗaya?

Tambaya: Gashina baƙi ne wuluk, kuma na sa rilaksa wata biyu da suka wuce. Ina so ya koma ruwan zuma kafin bikin ƙanwata, saura mako uku. Mai salun ta ce za ta gama mini a zama ɗaya da ruwan dibelofa mai lamba 40, wanda ake kwaɓa hodar bilicin da shi. Zai yiwu ba tare da gashin ya lalace ba?

Amsa: 'Yar'uwa, launin zai iya fita, amma gashin ne ba zai kai labari ba. Ina roƙonki kada ki yarda da wannan zama ɗayan.

Silin gashi furotin ne da ake kira keratin, kuma abin da ke ba shi ƙarfi wasu ƙulle-ƙulle ne na sinadarin farar wuta da suka ɗaure zarensa da juna. Hodar bilicin, idan aka kwaɓa ta da ruwan dibelofa, tana buɗe bayan silin ta shiga ciki ta cinye baƙin launi. Sai dai ba ta bambance launi da ƙulli, duka take ci. Ƙullin da ta tsinka kuwa ya tafi ke nan, domin gashin da ya riga ya fito ba ya warkar da kansa. Rilaksa ma ƙullin nan ɗin take warwarewa kafin gashi ya miƙe. Ke nan naki ya riga ya yi asarar wani kaso tun kafin a taɓa shi da bilicin.

Masu sana'ar suna auna launi daga mataki na 1, wato baƙi wuluk, zuwa na 10, wato fari-fari mai ɗan rawaya. Ke kina kan 1 ko 2, ruwan zuma kuwa yana wajen 7. Tafiyar mataki biyar zuwa shida ce, kuma ba a tsallake: baƙi ya koma ja-ja, ya koma ruwan goro, sannan rawaya. A gashin da bai taɓa ganin sinadari ba, ni mataki uku, iyaka huɗu, nake yarda da shi a zama ɗaya. A mai rilaksa kamar naki, ɗaya ko biyu, shi ma sai gwaji ya nuna zai ɗauka.

Lambar da ke jikin kwalbar dibelofa ƙarfin ruwan take nunawa: 20 na nufin kashi 6 cikin ɗari, 30 kashi 9, 40 kuwa kashi 12. Mai 40 na da sauri, shi ya sa ake sonsa ranar da salun ta cika, amma yana ƙona fatar kai, kuma yakan gama da ƙarfin gashi tun launin bai daidaita ba. Abin da zai taɓa fatar kai kada ya wuce 20.

Ga gwajin da za ki sa a yi miki tun yau. A ware ɗan gashi siriri daga ƙeya, a shafa masa kwaɓin mai lamba 20, ana dubawa duk bayan minti goma, kada a zarce lokacin da aka rubuta a jikin kayan. A wanke, sannan ki ja silin a hankali yana jiƙe. Lafiyayye zai ɗan miƙe ya koma yadda yake. Idan ya yi ta miƙewa kamar cingam bai komo ba, ko ya tsinke ya bar miki guntaye a yatsa, magana ta ƙare, ba sauran bilicin a kan nan. Kuma ki faɗa wa mai salun gaskiya idan kin taɓa sa lalle ko baƙin rini. Jan lalle ba ya fita da daɗi, wasu rinin kuma suna ɗauke da gishirin ƙarfe da kan sa gashi ya ɗau zafi har ya narke idan ya haɗu da dibelofa.

Za ki ji ana tallar mayukan gyaran ƙulli da ake zubawa cikin kwaɓin. Suna rage ɓarna, ina kuma ba da shawarar a sa su, amma ba sa mayar da gashi yadda yake a da, kuma ba su ne lasisin amfani da mai 40 ba.

Idan gwajin ya yi kyau, a ɗaga miki mataki ɗaya ko biyu, a ɗora rini mai ruwan ƙasa-ƙasa a kai don ya rufe jan. Zama na gaba sai bayan mako shida zuwa takwas, kuma kada a maimaita bilicin a inda aka riga aka shafa, kada kuma rilaksa ta sake hawa wurin. Mako ukun da suka rage ba za su isa zama biyu ba. In ruwan zumar nan kike so lallai ranar biki, a yi miki kitso da atac mai launin, ko ki sa wig, ki bar naki ya huta.