Me ya sa tacen Stained Glass ke narkar da fuska?

Tambaya: Malam, na ɗora Stained Glass na Photoshop a kan hoton amarya, za a buga shi babba a firam. Fuskar ta narke, babu ido babu baki. Wani ya ce in yi ta rage Cell Size har ta dawo. Biki ya matso, hankalina a tashe yake.

Amsa: Kwantar da hankalinka, aikin bai lalace ba. Amma shawarar nan da aka ba ka, ajiye ta gefe. Kullum sai na ji ta a bakin masu koyar da abin da ba su taɓa bugawa a takarda ba, kuma ta ishe ni.

Tacen nan makaho ne. Bai san ido ba, bai san ɗankwali ba. Yana yanka hoton gida-gida ne kawai, ya cika kowane gida da launi ɗaya, ya zagaye shi da layi. Idan ka mai da Cell Size 3, gidajen sun ƙanƙance amma layin yana nan da kaurinsa, sai baƙi ya cinye launi. A allo za ka ga kamar fuska ta dawo. A wurin bugu kuwa layukan su cushe, amarya ta fito duhu kamar an lulluɓe ta da gidan sauro, kuɗin bugu ya tafi a banza, ga sunanka ya ɓaci a gidan biki.

Masu haɗa tagogin gilashi mai launi na gaske, waɗanda tacen ke kwaikwayo, ba sa daddatsa fuska. Yawanci gilashi guda suke yanka mata, su zana ido da baki da fenti, su gasa a wuta, dalma kuma ta bi gefen siffa. Haka za ka yi.

A ce hotonka 3000 ne a 4000. Zaɓi fuska, ɗankwali, riga da bango ɗaya bayan ɗaya, kowanne ka ɗaga shi leyarsa da Ctrl+J, kana komawa leyar asali kafin ka zaɓi na gaba. Danna D launin gaba ya koma baƙi, domin shi tacen ke ɗauka ya yi layi. Bango ka ba shi Cell Size wajen 40, riga 25, Border Thickness 5, Light Intensity kuma 0, in ba haka ba tsakiyar hoton ta fi gefe haske. Fuskar kada ka taɓa ta da tace. Daga nan kowace leya ka sa mata Stroke baƙi wanda ya fi layukan ciki kauri, shi ne zai tsaya a matsayin dalmar da ke riƙe siffa.

Lambobin nan da fiksel suke aiki, don haka hoton da aka ciro daga WhatsApp zai buƙaci ƙasa da haka sosai. In ka ga Filter Gallery, inda tacen yake, ya ƙi buɗuwa, duba Image > Mode, sai yana RGB Color da 8 Bits/Channel. Kafin ka biya kuɗin babban bugu, yanki ɓangaren kai da kafaɗa a ainihin girmansa, a fara buga maka shi a A4 ka gani da idonka.