Yara 46 a zaure, naira dubu 25 a hannu: in kama haya ko in dakata?

Tambaya: "Ina da shagon kayan masarufi a unguwarmu. Bayan La'asar nakan bar wa ƙanena shagon in koyar da yara karatun Larabci da Ahalari a zauren gidanmu har Magariba. Yaran sun kai 46, kuɗin wata naira 1,000 ne, amma abin da ke shigowa bai wuce dubu 25 ba. Zauren ya yi mana kaɗan. Na samu ɗaki dubu 180 a shekara, ina kuma son ɗaukar mataimaki a kan dubu 10. In shiga? Kuma ina jin nauyin tambayar iyaye kuɗi."

Amsa: Malam, Allah ya saka da alheri. Shawarata ita ce kada ka biya kuɗin ɗakin nan yanzu.

Makarantar yamma ba ta karɓar kuɗi wata goma sha biyu. Azumi yakan zo da hutu ko ragin karatu, ga hutun ƙaramar Sallah da babba, kuma iyaye da yawa ba sa biyan watan da yaro bai zauna ya cika ba. Saboda haka ka yi lissafinka a kan wata goma. Hayar dubu 180 in ka raba ta goma, dubu 18 ke nan duk wata. Ka ɗora dubu 10 na mataimaki. Ka ware kamar dubu 3 na alli, ruwan sha, rajista da canjin tabarmar da ta mutu. Ka tashi da dubu 31, alhali abin da ke hannunka dubu 25 ne. Duk wata sai ka ciro dubu 6 daga aljihun shago ka cike, kai kuma ba ka ɗauki ko sisi ba. Ga shi mai ɗaki kuɗin shekara yake karɓa dunƙule, wato jarin shagon ne zai tafi. Abin da nake ji maka tsoro ke nan, domin shagon shi ne ya ba ka damar zama ka koyar hankali kwance.

Inda gyaran yake shi ne dubu 21 ɗin nan da ke ɓacewa tsakanin rajista da aljihu. Ka ɗauki littafin sunaye yau da dare ka bi yara 21 da ba a biya musu ɗaya bayan ɗaya. Za ka ga ba iri ɗaya ba ne. Akwai marayu da 'ya'yan waɗanda da gaske babu. Su ka rubuta su a shafi daban, ka yafe musu da niyya, ka kuma sanar da iyayen cewa an yafe, don uwa ta daina ɓoye ɗanta duk ƙarshen wata. Amma ka sa wa shafin iyaka, misali yaro shida, in ba haka ba kowa zai so shiga cikinsa. Akwai masu samun kuɗi kullum kaɗan-kaɗan, mai shayi, ɗan acaɓa, mai wankau. Naira dubu a dunƙule tana yi musu nauyi, amma 250 duk mako ba ta yi. Ka dawo musu da kuɗin Laraba da iyayenmu suka sani a makarantar allo: yaro ya zo da nasa ranar Laraba kafin hutun Alhamis da Juma'a. Sauran kuwa, kuma ina kyautata zaton su ne suka fi yawa, suna da hali, kawai ba wanda ya taɓa tambayarsu.

Game da nauyin da kake ji, malaman mazhabar Malikiyya da muke bi sun halatta karɓar lada a kan koyar da Alƙur'ani, kuma a Sahihul Bukhari akwai hadisin Ibn Abbas da ke nuna cewa Littafin Allah shi ne mafi cancantar abin da za a karɓi lada a kansa. Abin da zai rage maka kunya shi ne tsari, ta yadda ba bakinka ne zai riƙa tambaya ba. Ka buga wa kowane yaro ɗan kati mai gidaje goma sha biyu, duk wanda ya biya a sa hannu a gidan watan. Ka tsayar da lokaci, daga 28 ga wata zuwa 5 ga mai kamawa, lokacin da albashi ke shiga, kuma kuɗin watan da za a shiga ake biya, ba wanda ya wuce ba. Wanda ya kai wata biyu bai biya ba, ka sami mahaifinsa a keɓe bayan sallah. Don Allah kada ka kira sunan yaro a gaban 'yan'uwansa ko ka kore shi kan kuɗi. Laifin ba nasa ba ne, kuma yaron da aka kunyata haka da wuya ya sake son wurin.

Akwai kuma wani dalilin rashin biya da malamai ba su cika son ji ba. Daga La'asar zuwa Magariba, in ka cire sallah da zaman yara, da ƙyar ka samu awa biyu. Minti 120 a raba wa yara 46, kowa bai samu minti uku ba. Yaron da ke kan babbaƙu a Ƙa'idar Bagadadi yana buƙatar ka zauna kusa da shi, yatsansa a kan harafi, ka ji ko yana bambance sin da sad, ko yana gane ba da ta da sa ta wurin ɗigo. In ba a yi haka ba, sai ya haddace shafin da ka, yana rerawa tare da jama'a, amma ka nuna masa harafi ɗaya a tsakiya ya yi shiru. Uban da ya gwada ɗansa a gida bayan wata shida ya ga haka, ba zai yi maka magana ba, hannunsa kawai zai janye.

Maganin wannan da na ƙarancin wuri guda ne, kuma ba ya cin haya: ka raba su zama biyu a zauren da kake da shi. Ƙanana masu babbaƙu da farfaru bayan La'asar. Manya da suka shiga izu na Amma da Sabbi, masu Ahalari da Arba'una Hadisi, tsakanin Magariba da Isha'i, muddin gidajensu na kusa kuma ka tanadi fitila mai caji. Kowane zama yara ashirin da 'yan kai. In zama biyu zai hana ka shago, a nan ne mataimaki yake da amfani, ya riƙe ɗaya. Sai dai ka fara jin karatunsa da kunnenka, ka kuma san halinsa, tunda 'ya'yan mutane za ka damƙa masa.

Ka ba wannan tsarin wata uku. In a cikin yara 40 da suka rage bayan shidan da ka yafe wa, 35 suka riƙa biya a kan lokaci, kana da dubu 35. Ka cire dubu 13 na mataimaki da kayan aiki, saura dubu 22 ba tare da haya ba. A ƙarshen wata ukun ka tara iyaye, yara su karanta a gabansu daga shafin da uba ya buɗe da kansa. A wannan zaman ne za ka kawo maganar ƙarin kuɗi zuwa 1,500, da sassauci ga mai 'ya'ya uku ko fiye. Mutum 35 a kan 1,500 dubu 52 da ɗari biyar ne, kuma ko da ɗakin ya shigo lissafi za ka rage da dubu 21 da ɗari biyar. Kuɗin makaranta ka ajiye su a asusu daban da na shago, ka riƙa tara dubu 18 duk wata, sai sun cika kuɗin shekara sannan ka nemi mai ɗaki.