Niyya, Nufi ko Manufa: Wace Kalma Saurayi Zai Aika wa Iyayen Yarinya?

Tambaya daga wani matashi a Ƙofar Ƙaura, Katsina:

"Malam, wata takwas ke nan ina zuwa zance wajen wata yarinya a Rafindadi. Makon jiya mahaifinta ya aiko ƙanenta ya ce mini in fito ko in bar masa ƙofar gida. Na rubuta saƙo kamar haka: 'Baba, ina da kyakkyawar manufa game da budurwata, na yi niyyar aurenta nan ba da jimawa ba. Don Allah ku daina zargina, zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya.' Kafin in tura, shin kalmomin sun dace? Wane karin magana zan ƙara don ya yi nauyi?"

Amsa:

Kada ka tura shi tukuna. Mu fara da kalmar da aka aiko maka da ita, don ita ce ba ka amsa ba. "Fito" a bakin uban yarinya ba ta nufin ka bayyana abin da ke zuciyarka. Ma'anarta ka turo magabatanka, wato baffanka ko kawunka ko wani dattijon gidanku, su zo su nema maka izini a wajen manyanta. Saurayi ba ya fitowa da bakinsa, da manyansa yake fitowa. Saboda haka duk saƙon da babu sunan wani babba a ciki, babu kuma rana, bai taɓa tambayar ba, komai daɗin Hausarsa.

Yanzu ga kalmomin naka.

"Manufa" da "nufi" tushensu ɗaya, daga aikatau "nufa", wato dosar wani wuri ko wani abu. Amma amfani ya raba su. Manufa ta koma bakin hukuma da rediyo, shi ya sa muke jin "manufofin gwamnati". A maganar yau da kullum kuwa, in aka ce wane ya zo "da wata manufa", kowa ya san ba yabonsa ake yi ba, ana nufin akwai abin da ya ɓoye. To ka ga mutumin da ake ɗari-ɗari da shi bai kamata ya ɗauko wannan kalma da hannunsa ba, ko da ya jingina mata "kyakkyawa". "Nufina alheri ne" ya fi sauƙi, ya fi kuma kama da maganar ɗa a gaban uba.

"Niyya" aro ce daga Larabci, kuma tana da nauyin addini, don da ita ake shiga salla da azumi. Sai dai ka saurari yadda Bahaushe ke amfani da "na yi niyya". "Na yi niyyar zuwa gaisuwa." "Na yi niyyar biyanka jiya." Me ke biyo baya? Kusan kullum "amma" ce. Jimlar ta zama ta mai ba da uzuri a kan abin da bai yi ba. Dattijon da ya aurar da 'ya'ya biyu ko uku ya ji ta har ya gaji, kuma ya san niyya a zuciya take, babu mai iya dubawa. Abin da ake iya dubawa shi ne shiri. Ka ce "na sanar da mahaifina", ka ce "Baffana zai zo". Waɗannan aiki ne da ya auku ko zai auku, ana iya tambaya a tabbatar.

Haka "nan ba da jimawa ba". Wannan Hausar labaran rediyo ce, ba ta da ranar cika. Tana iya zama mako, tana iya zama shekara uku. "In sha Allahu" ma, in ta zo ita kaɗai ba rana a gabanta, sau da yawa ana jin ta a matsayin zamewa cikin ladabi. In ta biyo bayan rana sananniya, sai ta koma matsayinta na gaskiya.

"Budurwata" kuskure ne babba. Wannan "ta" ta ƙarshe ta mallaka ce, kai kuwa ba a ba ka ba. A gaban iyayenta ita ɗiyarsu ce, kamar yadda Katsinawa ke cewa, ko "'yar wajenku". In 'yan matan gidan sun fi ɗaya, ka ambaci sunanta sau ɗaya don a san wadda ake magana, ka tsaya nan. In kuma 'yar fari ce, ka tuna a gidaje da yawa iyayen da kansu ba sa kama sunanta saboda alkunya, to kai ma kada ka yi ta nanata shi. Shi kuma uban "Baba" ya ishe shi. Kada ka ce "surukina", don wannan suna sai an ba da ita yake tabbata. Ka riƙa cewa "ku", ba "ka" ba: girmamawa ce, kuma tana haɗa mahaifiyarta a ciki.

Tun da muna nan, bari in ja kunnen sauran masu karatu a kan "nema". "Ina neman aurenta" magana ce mai tsabta. "Ina nemanta" kuwa tana da fuska biyu, don daga wannan aikatau ne aka sami "neman mata". Haka "muna tare" da "akwai alaƙa tsakaninmu". Ga matasa ba komai ba ne, amma a kunnen uban da ya riga ya fara tunani, ƙarin itace ne a wuta.

Sai inda ka fi yin ɓarna: "ku daina zargina". Na farko dai umarni ne, yaro kuwa ba ya ba uban wani umarni. Na biyu, su ba su ce suna zarginka ba. Zargi ɗora wa mutum laifi ne. Tuhuma ta fi shi nauyi, ita ma daga Larabci take, kuma wurinta gaban alƙali. Abin da ke ran iyayen nan bai wuce kokwanto ba, wato rashin tabbas, kuma suna da hujja: wata takwas kana tsayawa a ƙofar gidansu, unguwa duk ta san fuskarka, sauran manema sun ja da baya. Wannan shi ake cewa kashe wa yarinya kasuwa. In ka kira damuwarsu zargi, ka mai da su masu laifi, kai ka zama wanda aka zalunta. Babu ma buƙatar ka sa wa abin suna. Ka ce "na ji saƙonku, kuma gaskiyarku ne".

Batun karin magana kuwa, shawarata ka rage, kada ka ƙara. Karin magana a al'adarmu daga sama yake gangarowa ƙasa. Babba ke yi wa yaro, ko sa'a ya yi wa sa'ansa. Yaron da ya jefa wa dattijo karin magana ya hau kujerar mai koyarwa. "Zato zunubi ko da ya zama gaskiya" wa'azi ne a kan munana zato, kuma wanda aka faɗa wa shi ne ake cewa ya yi zunubin. Ka duba ma rabinsa na biyu: "ko da ya zama gaskiya". Kamar ka amsa cewa mai yiwuwa abin da suke tsoro haka yake.

Akwai wasu biyu da samari ke yawan ɗaukowa a irin wannan hali. "Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba" gaskiya ce, amma daɗewar ita ce ainihin abin da ake kuka da shi. "Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne" kuwa wasu na zaton tawali'u yake nunawa. Ma'anarsa ƙasƙantar da kai ga wanda bai kai ka ba, don biyan buƙata, ba ya rage maka komai. To wane ne wadan a nan? Uban yarinyar. Wanda ya rubuta wannan ya gama wa kansa.

In lallai sai ka sa, ka zaɓi wanda nauyinsa a kanka zai faɗa. "Alkawari kaya ne" ya dace, don kai ne mai ɗaukar kayan. "Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba" shi ma ya halatta, don su yake ɗagawa. Ɗaya ya isa.

Ga yadda saƙon zai iya zama, ka sa bayananka na gaskiya a gurbin misalan:

"Assalamu alaikum. Baba, ina gaishe ku tare da Mama, da fatan kuna lafiya. Saƙonku ya iso mini, kuma gaskiyarku ne. Na yi kuskure da na daɗe ina zuwa ban turo manyana ba, ina roƙon ku yafe mini. Ni ɗan gidan Malam wane ne na Ƙofar Ƙaura, ina sana'ar gyaran waya a kasuwa. Nufina auren ɗiyarku, in kun ga na dace. Na sanar da mahaifina, ya kuma ɗora maganar a hannun Baffana, Alhaji wane. In kun ba da izini, za su zo gaishe ku ranar Asabar ta makon sama bayan la'asar, in sha Allahu, ko duk ranar da ta fi muku. Kafin nan na dakatar da zuwa zance har sai kun yi izini. Allah ya ƙara girma."

Ka lura babu kalmar "so" ko "soyayya" a ciki. Ba haramun ba ne, amma kunya ba ta bari a faɗa wa uba haka, kuma ba a kanta yake tambaya ba. Sunan gidanku da unguwa da sana'a kuwa dole ne, don su ne ƙofar bincike. Iyaye za su aika a tambayi asalinka da halinka, kuma wanda ya ba da adireshinsa da kansa ya nuna ba ya tsoron a tambaya. Babu kuma maganar sadaki ko lefe ko kuɗin gaisuwa. Wannan hurumin manya ne idan sun zauna, saurayin da ya fara yanka kuɗi a saƙo kamar ya zo ciniki ne.

Kada ka rubuta "na sanar da mahaifina" alhali ba ka sanar ba. Katsina ba ta da girman da za a ɓoye wannan. Uban yarinyar na iya haɗuwa da baffan naka a ɗaurin aure ko masallacin Juma'a ya yi masa maganar, shi kuwa ya ce bai san zancen ba. Daga nan kokwanto ya zama zargi na gaske. In kuma ba ka shirya ba, ka faɗi haka da adadi: "ina roƙon wata huɗu, zuwa bayan Babbar Salla", tare da janye ƙafa daga ƙofar gidan har lokacin. Suna iya yarda, suna iya ƙi, amma ba za su kira ka mayaudari ba.

Hanyar aikawa ma magana ce. Saƙon waya kai tsaye zuwa lambar uban, musamman in daga wayar yarinyar ka samo lambar, yana iya zama rashin kunya a gidaje da yawa. Tun da ta hannun ƙanenta aka aiko maka, ka mayar ta hannun wani namiji na gidan, yayanta ko kawunta, a rubuce ko da baki. In da hali ma wani babba daga wajenku ya kai, ya fi.

Amsar da za ta dawo ita ma sai an fassara ta. "Su zo" ko "Allah ya kai mu" izini ne, sai ka gaya wa Baffa ya shirya. "Mun ji, za mu yi shawara" na nufin bincike ya fara, ka ba su mako ɗaya ko biyu ba tare da ka aika tuni ba, kuma kada a ga ƙeyarka a layin. In aka ce "Allah ya haɗa kowa da rabonsa", an rufe maganar ke nan cikin mutunci. Nan ba saƙo na biyu za ka rubuta ba. In akwai sauran abin yi, Baffanka ne zai je da ƙafarsa ya ji dalili.